Shafi Huɗu Zuwa Ga Kamfanin Intanet

Mako uku ke nan intanet na ɗaukewa a makarantar da Malam Mijinyawa ke koyar da kwamfuta a Inkil. Da sha biyu ta gota sai ta tafi, ba ta dawowa sai bayan La'asar. Shugabar makarantar, Hajiya Sauda, ta gaya masa a gaban malamai cewa in jarrabawar gwajin 'yan aji shida da za a yi ta intanet ta watse ranar Litinin, ya nemi wani aikin.

Ya kira kamfanin intanet ɗin ya fi a ƙirga. Amsarsu ɗaya ce, ya kashe ya kunna. In sun duba kuwa da safe suke dubawa, lokacin da komai ke lafiya lau.

Ya daina shiga ɗakin malamai, don ya gaji da tsokanar "Malam, yau ma ta gudu?" A ɗakin kwamfuta yake cin ƙosansa shi kaɗai, tsakanin kujeru talatin da babu kowa a kansu. Abin yana cin ransa, ba shi kuma da wanda zai bayyana wa ya gane.

Sai ya zauna ya rubuta wasiƙa, shafi huɗu. Ya jera ranaku da lokutan ɗaukewar. Ya nuna cewa gwajin ping, wato aika ɗan saƙo a ga ko zai dawo, bai taɓa faɗuwa ba tsakanin kwamfutoci da rauta, na'urar da ke raba musu intanet, haka ma zuwa eriyar da ke saman rufi. Daga eriyar zuwa hasumiyar kamfanin ne saƙon ke ɓata, alhali wutar sola ba ta yanke ba. Hajiya ta sa hannu tana waya, ko layin farko ba ta karanta ba.

A ofishin kamfanin da ke GRA, wani injiniya mai suna Fortune ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune.

"Malam, ai ka gama aikin," in ji shi. "Ni hawa kawai zan yi."

Ranar Asabar ya hau hasumiyar da tsakar rana, ya tarar na'urar da ke ba eriyar kamfanin wuta tana mutuwa in ta yi zafi. Ya canza ta cikin awa guda.

Litinin jarrabawa ta tafi sumul. Mijinyawa ya shiga ɗakin malamai da kwafin wasiƙar a aljihu, ya sami Hajiya tana ba da labari.

"Kun ga bambancin gwani da ɗan koyo," ta ce. "Abin da ya gagari namu mako uku, yaron nan awa ɗaya ya yi masa. Malam, aikinka na nan, amma ka riƙa zuwa wurinsa kana koyo."

Aka yi dariya. Ya ce to, Hajiya.