Aikin da Aka Buɗe Sau Uku

Shekara shida Dauda yana haɗa wutar sola a wani ƙaramin kamfani a Unguwar Dosa. Mero kuwa, wadda ke duba ingancin aiki, wata bakwai kacal ta yi, amma ita Oga Irmiya ya ba ikon rufe aiki a manhajar da suke bin ayyukansu. Dauda iyakarsa ya tura aiki zuwa "a duba", ya zauna jira.

Abin ya tsaya masa a rai. Kishi ne tsagwaronsa, ko da yake shi gyara tsari yake kiransa.

Sai dai Oga ya bar wata kafa: duk ma'aikaci na iya sake buɗe aikin da aka rufe. Dauda ya gano haka, ya samu abin yi. Mero ta rufe aikin wani asibiti a Mando, ya buɗe. Ta rufe, ya buɗe, har sau uku. Ba dalili, ba bayani. So yake ranar Litinin Oga ya ga ayyuka na dawowa, ya ce yarinyar nan ba ta iya ba, ya miƙa masa ikon.

Ranar Litinin a taron ma'aikata Oga ya haska manhajar a bango, ya shiga tarihin aikin. Ga sunan Dauda sau uku reras, da rana da lokaci. Shi Dauda bai taɓa leƙa wannan shafin ba.

"Malam Dauda, me ka gani a Mando?" in ji Oga.

Dauda ya yi ta 'yan kame-kame.

Mero ta ce, "Yallabai, ni ban yi zaton wasa ba ne. Da ya buɗe na uku na ce babba ba zai yi haka a banza ba, sai na koma Mando ranar Asabar. Na tarar wayar batir ɗaya ta saki, har ta fara narkewa, ga firjin allurai a kai. Na gode, Yaya Dauda."

Oga ya ja shafin ƙasa ya duba wanda ya ɗaura batiran. Dauda ne.

"To," in ji Oga, "wanda ya yi aiki ba ya rufewa, wannan na nan. Buɗewa kuma daga yau sai Mero da ni. Mai ƙorafi ya rubuta a ƙarƙashin aikin, da dalilinsa."

Nan take ya shiga saitin izini ya cire wa sauran ma'aikata ikon.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Dauda: an ba shi sabon aiki, sake ɗaure batiran Mando. Mai dubawa, Mero. Godiyar nan tata ta fi komai ci masa rai, don ya san har zuciyarta ta yi ta.