Awa Goma na Dakta Munira

Mutanen Takur ba su taɓa yarda cewa Khaulat tana aiki ba. Mace ce a ɗaki da kwamfuta da ɗan modem, ba ofis, ba shugaba, ba ta fita da safe. A ganinsu danne-danne kawai take yi.

Ita kuwa sakatariya ce daga nesa. Dakta Munira, mai kamfanin ba da shawara kan kiwon lafiya a Abuja, ta sayi awa goma na makonta, tara zuwa sha ɗaya, Litinin zuwa Juma'a, naira ɗari biyar kowace awa. A ciki Khaulat take tace mata imel, ta amsa masu sauƙi, ta tsara ganawa, ta nemi tikitin jirgi da masauki, ta buga rahoto daga muryar da Dakta ta naɗa. Ko sau ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba. Tun rasuwar mijinta, da wannan kuɗin take riƙe kanta da mahaifiyarta, Iyatu.

Sai kuma Alhaji Tasi'u, yayan Iyatu, dillalin riɗi daga Aujara. Shi ma ya gano amfanin imel, tunda masu sayensa na Legas sun daina yarda da cinikin baki. Ranar farko ya ce, "Nawa ne aikin naki?" Khaulat ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Kawu, duk abin da ya sauwaƙa." Haka ake faɗa wa babba, kuma nan ta yi wa kanta. Abin da ya sauwaƙa ya zama "Allah ya yi albarka", aikin kuma ba shi da lokaci. Kawu yana kira da asuba, yana kira tana cin tuwo, ya karanta mata wasiƙa da Hausa ta mayar Turanci, ya ce a sake domin bai ji nauyinta ba.

Wata Laraba ya riƙe ta a waya kan wata motar riɗi da ta maƙale a Jahun, har wa'adin biyan tikitin jirgin Dakta ya wuce. Dakta ta rasa taronta na Fatakwal. Ba ta yi faɗa ba, ta rubuto kawai: "Awannin nan nawa ne. In aka sake, zan nemi wata."

Khaulat ta ji tsoro, daga baya ta ji haushi, kuma haushin ya fi daɗewa. Ranar Asabar ta hau mota zuwa Aujara, ta durƙusa ta gaida Kawu, ta tambayi iyali da kasuwa, sannan ta ce, "Kawu, na zo a gyara aikinmu. Zan ware maka awa huɗu a mako, Litinin da Alhamis bayan azahar. Awa ɗari biyar, kamar kowa."

Ya dube ta kamar akuya ce ta yi magana. "Ni kike yanka wa farashi? 'Yar Iyatu?"

"Kai ma ba ka ba da riɗi a abin da ya sauwaƙa, Kawu."

"Riɗi ana ɗaga shi a auna. Ke me kike ɗagawa?"

Bai sallame ta ba, ita ta tashi da kanta.

Litinin da ƙarfe tara da rabi sai ga motarsa a ƙofar gida. Ya shigo da takardu a hannu, ya zauna a tabarmar da Iyatu ta shimfiɗa, ya ce a kira Khaulat, mai saye yana jiran amsa yanzu. A lokacin Khaulat tana tsakiyar haɗa wa Dakta ganawa da mutum uku, ɗaya na jira a layin waya.

Iyatu ta leƙo ɗakin, murya ƙasa. "Don Allah ki rufa min asiri. Yayana ne."

Khaulat ta ce wa na layin ya ba ta minti biyu. Ta yafa mayafi ta fito ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Kawu. Wannan lokacin na sayar da shi, ba nawa ba ne da zan ba ka. Bayan azahar ina nan, a kan yadda na faɗa."

"In kika koma ɗakin nan," in ji shi, "ba ni da 'ya a gidan nan."

Ta san ba wasa yake ba. Ta san za a yi da ita a kowane suna da kowane biki daga nan har Aujara, kuma Iyatu ce za ta sha kallon. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don tana son kawunta.

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu," ta ce, ta miƙe ta koma ɗaki.

Tana jin tashin motar, tana jin Iyatu na kuka a madafa. Ta zauna ta ɗauki wayar.

"Ka yi haƙuri da jira," ta ce. "Dakta tana da sarari ranar Alhamis, ƙarfe goma."