Notin Hagu

Mai gareji ya shigo ɗakin awo da wata sifana a kafaɗa, doguwa ce har ta kusa taɓa fankar sama. 'Yarsa ce ke aiki a nan, ita ke gwada kayan aunawa na masana'antu da gareji-gareji. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata, ko da a gaban shugabanta ne.

"Baba, ka goge takalminka. Nan ba gareji ba ne."

"To, Uwata, na goge. Duba min wannan abar."

Ta san sifanar kamar yadda ta san ƙofar gidansu. Irin wadda ake saita mata ƙarfin ɗauri ce, in noti ya kai inda ake so sai ta yi ƙas, mai ja ya saki. Da ita ake ɗaure tayoyin manyan motocin da garejin ke kula da su. Ita da kanta ta gwada ta a bara, ta manna mata tambarin cewa ta ci gwajin.

Abin da ya kawo shi kuwa ba ɓoyayye ba ne a gidansu. Ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta duk da furfurar da ta cika masa gemu, shi ne mai ɗaure taya a garejin tun suna samari. Sai notocin tayar baya suka fara kwancewa a hanya. Na farko direba ya ji motsi ya tsaya. Na biyu tayar ta fice gaba ɗaya, ta faɗa gonar mutane, Allah ya tsare ba ta bi ta kan kowa ba. Ranar mai gareji ya tsayar da ƙaninsa a gaban ma'aikata, ya ce ƙarfinsa ya ƙare yana ɓoyewa, ba ya jan sifanar har ta yi ƙas. Auta ya rantse yana ja. Yayan ya nuna masa tambarin da ke jikin sifanar, ya ce ƙarfe ba ya ƙarya, mutum ne ke yi. Auta ya wanke hannu, ya ɗauki akwatin kayansa, bai sake taka garejin ba.

Tun daga nan mai gareji ke ɗaure tayoyin da hannunsa. Shekaranjiya wata ta sake kwancewa.

'Yar ta kafa bakin sifanar a na'urar awo, ta saita ta a ƙarshen ƙarfinta, lamba dubu a ma'auninta, ta ja ta sau biyar ba tare da ta dubi allon ba.

"Ba ki rubuta ba."

"Wannan motsa jiki ne, Baba. Sifirin ƙarfen da ke cikinta ya farka tukuna."

Sannan ta sauko da ita ɗari biyu, wato kashi ashirin cikin ɗari na ƙarfinta. Ta juya hannun na'urar, da ta kusa kaiwa sai ta rage sauri, tana ƙara nauyin a hankali har ƙas ɗin ya zo da kansa. Sau biyar a nan, sau biyar a ɗari shida, sau biyar a dubu. Mai gareji, wanda a wurin aikinsa ko shayi ba ya bari ya huce, ya zauna a kan kujera mai juyawa yana kaɗa ƙafa.

"A ɗari shida kuke ɗaure taya, ko? An yarda ta kauce da kashi huɗu cikin ɗari, sama ko ƙasa. Ashirin da huɗu ke nan. Duba, ko ɗaya bai fita ba. Ta ci, Baba."

Ya sauke numfashi, fuskarsa ta saki. Kunya ce a faɗa, amma daɗi ya ji. In sifanar lafiyarta lau, to wataƙila ƙarfen notocin ne mara kyau, ko hanyar ce, ko direbobin. Komai dai, ban da abin da ya hana shi cin abinci kwana biyu, wato ace sifanar ce ta sa ya zalunci Auta.

Tana cikin kwance sifanar ta tsaya. "Wace taya ce ta kwance shekaranjiya?"

"Ta baya, hagu."

"Ta lokacin Baffa Auta fa?"

"Hagu. Duka hagu."

"Motocin nan ba su ne masu notin hagu ba? Waɗanda ake ɗaurewa ta baibai?"

"Su ne mana. Tsofaffin nan duk haka suke, gefen hagu sai ka juya sifana ka ja hagu. Tana yin ƙas ta ko'ina ai."

Ta ɗora hannu a kan tebur.

"Baba, dama kawai na gwada. Yau ma, bara ma. Haka muke yi in ba a ce mana ana ɗauri ta hagu ba. Yana rubuce a tambarin, ga shi nan da ƙananan baƙaƙe."

"Ban ce miki ba?"

"Ba ka ce ba. Ni kuma ban tambaya ba, alhali a garejin nan na girma."

Ta juya bakin sifanar, ta mai da na'urar karatun hagu, ta sake motsa ta a dubu, ta faro daga ƙasa. Maƙerin sifanar ya ba gefen hagu sassauci, kashi shida cikin ɗari. A ɗari biyu ta riga ta faɗi. A ɗari shida ƙas ɗin ya zo da wuri, allon ya tsaya a ɗari huɗu da casa'in. Na biyu ɗari biyar da biyar, na uku ya koma ƙasa. Ko kusa da ɗari biyar da sittin da huɗu, inda iyakar take, babu wanda ya je. Haƙorin da ke saki a cikinta ya cinye ta gefe ɗaya, yana zamewa tun noti bai kama ba.

"Sake," in ji shi.

"Biyar ɗin sun cika."

"Sake dai, Uwata. Wataƙila kin yi sauri."

Ta sake, don ubanta ne. Ɗari huɗu da casa'in da takwas.

"Ƙara ɗaya."

"Baba, ko mun wuni a nan har ɗaya ya faɗa ciki, ba za ta ci ba. Ɗaya ya fita, ta faɗi. Nan duka sun fita."

Ya daɗe yana kallon allon. Auta ya ja, ya ji ƙas, ya saki, kamar yadda shi da kansa ya koya masa. Ya yi aikinsa daidai, kuma an kira shi maƙaryaci a gaban mutanen da ya koya wa riƙe sifana. Baƙin ciki ya tokare wa mai gareji ƙirji, irin wanda ba a iya ɗora wa kowa.

Ya fita baranda ya ciro waya. 'Yar ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta iya komawa ciki ba. Sai da wayar ta yi ta ƙara kafin aka ɗauka, ana jin hayaniyar kasuwa, inda Auta ke tsaron shagon surukinsa yanzu.

"Auta, ni ne. Sifanar ce. Ta hagu ba ta kaiwa, yanzu aka gwada a gabana. Kai ka yi gaskiya. Ka yafe min, ka dawo."



"Na yafe, Yaya. Ka tsayar da motocin nan yau, a sake ɗaure hagu da wata sifanar kafin su kashe wani."

"Zan yi. Gobe in zo in ɗauke ka?"

"Akwatin kayan na sayar. Ban iya ganinsa a ɗaki ba." Muryarsa ba fushi, a hankali take, yadda yake yi wa baƙo magana. "Ka gaida gida, ranka ya daɗe. Ina da mai saye a gabana."