Ribar da ke Gonakin Kademi

Gwadabe yana da wani ɗan aibi da shi kansa ba ya musu: idan mutum ya tsawaita gaisuwa, har ya tambayi lafiyar gyatumarsa, ba ya iya hana shi bashi. Manoman Kademi kuwa sun iya gaisuwa.

Shagon takin zamani da maganin feshi ne a kasuwar Gaya. Gwadabe ke zama a ciki, amma rabin jarin na Malam Abdulhakeem ne, malamin firamare a Ajingi. Ranar Talata Malam ya aiko cewa ya ga littafi, ribar bana naira dubu ɗari tara ce, a ba shi rabinsa zai rufa ɗakin da ya gina. In ba haka ba, zai zare jarinsa. Gwadabe ya ja aljihun tebur, ya tarar da dubu goma. Ya sake ƙirgawa, ba su ƙaru ba.

Da ya ga baki ba zai iya ba, sai ya yage takarda ya rubuta:

"Malam, ribar gaskiya ce, sai dai ba ta nan. Duk buhun da ya fita, ranar nake rubuta ribarsa, ko an biya ko ba a biya ba. Dubu ɗari biyar da ashirin suna hannun manoma, sai kaka in sun sayar da gyaɗa. Dubu ɗari biyu da hamsin na ƙaro maganin feshi da su, ga shi nan a kanta yana kallona. Dubu ɗari da ashirin na biya hayar baɗi, don mai shago ya matsa. Saura goma, biyar naka."

Ya ba direban motar Ajingi, ya koma yana lissafin sana'ar da ta dace da mai shekara hamsin da ciwon gwiwa.

Washegari da hantsi Malam ya iso a kan babur. Ya buɗe littafin, ya bi sunayen masu bashi da yatsa kamar mai kiran suna a aji, ya ƙirga kwalaben kanta, ya nemi rasit ɗin haya. Sannan ya ce a shekara ashirin yana koyar da lissafi ba a taɓa yi masa bayani mai kyau haka ba. Jari zai zauna, rufi ya jira kaka.

Gwadabe ya aika a kawo lemo.

"Af, ya jikin Inna?" in ji Malam. "Kwana biyu ban leƙo ta ba."

Aka daɗe ana maganar Inna. Daga nan aka gangaro kan gonar Malam, wadda dawarta ta fara yin rawaya.

Buhun taki biyu aka ɗaure wa Malam a bayan babur, sai kaka. Ribar shagon ta koma dubu ɗari tara da huɗu.