Notis Ɗin Da Hajjo Ta Ƙi Karɓa

Tun da aka yi wa Dibora canjin wurin aiki daga Kalgo zuwa Yawuri, zama ya gagare ta. Nas ce, shekararta uku tana hayar ɗaki biyu a gidan wata tsohuwa, Hajjo, kuma ita ke yi wa tsohuwar allurar ciwon suga kullum da safe.

Yarjejeniyar hayar ta ce duk wanda zai tashi kafin wa'adi sai ya ba da notis na wata guda a rubuce. Dibora ta rubuta kwafi biyu, ta sa dalilinta da ranar da za ta miƙa makulli. Saura Hajjo ta karɓi ɗaya, ta dangwala yatsa a ɗayan.

To, nan aka sha kallo. Ranar farko Hajjo ta ce hannunta da ƙullu. Washegari ciwon ido. Rana ta uku, matar da ko ƙofar gida sai an lallashe ta, wai ta tafi barka Dalijan. Kwanaki na tafiya, Dibora ta ɗaure kaya ta kwance, tana jin haushin tsohuwar, tana kuma jin haushin kanta.

Da ta gaji, ta hau mota zuwa Gwandu wurin Lukuman, ɗan Hajjo, mai shagon taki. Ya karanta notis ɗin a tsaye, ya mayar mata.

"Sista, gida na Inna na, sunanta aka rubuta. In nis sa hannu, ta tsine mini."

"To allurarta fa? Wa zai riƙa yi mata?"

Ya sosa ƙeya, ya ce zai duba. Dibora ta san irin wannan dubawar.

Ta dawo da la'asar a fusace, ta tarar da Hajjo a tabarma tana tsintar wake.

"Inna, ko kin dangwala ko ba ki dangwala ba, an riga an tura ni. Tafiya zan yi."

"Na sani, ɗiyata. Ba hauka nika yi ba." Hajjo ba ta ɗago ba. "Cewa niy yi in ban amsa ba, watan bai hwara ƙirguwa."

Haushin Dibora ya bi iska, tausayi ya kama ta. Ta ajiye takardun a gefe, ta shiga ɗaki ta fito da sirinji da lemon zaƙi guda.

"Riƙe, Inna. A jikin lemon za ki fara koyo."

Hajjo ta karɓa. Ta soka, ta zare, ta sake sokawa a karkace.

"Kwana nawa ya rage in iya?"

"Talatin, daga ranar da kika karɓi takardar."

Hajjo ta daɗe tana duban lemon.

"Miƙo takardar," in ji ta. "Amma gobe ki tsaya kusa, kar ki kama mini hannu."