Umma Ta Riga Mu Shiga Baɗi

Ranar yaye ƙanwata Auta daga makarantar jinya, falonmu ya cika maƙil. Makarantar na da nisa, amma za a nuna bikin kai tsaye a shafinta na intanet. Umma ta ci ado kamar ita za a yaye, ta jingina tablet ɗinta da fulas, maƙwabta suka zazzauna har bakin ƙofa.

Na danna shafin, ya ƙi buɗewa. Sai wani gargaɗi ya fito, wai haɗin ba shi da tsaro. Kawu, wanda bai taɓa ganin matsalar da ba ta ’yan damfara ba, ya ce a kashe kafin su kwashe mana hotuna. A wayata shafin ya buɗe sumul, sai dai gilashinta a fashe yake, Umma kuwa ko da tabarau ba ta ganin komai a ciki. Ga shi har an fara kiran sunaye.

Na sake karanta gargaɗin a natse. Agogon na’urar ya yi gaba, in ji shi. Lokaci daidai yake, amma da na duba kwanan wata sai na ga muna ƙarshen baɗi. Na yi wa Kawu bayani a gurguje: kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar ƙarewa, na’ura kuma da nata kwanan watan take aunawa. A lissafin wannan, shaidar makarantar ta daɗe da ƙarewa.

Na tambaya wa ya taɓa saitin. Umma ta shiga gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Ashe wasan haɗa alewa ne, wanda take yi mana faɗa a kansa. In damarta ta ƙare, maimakon ta jira, sai ta tura kwanan wata gaba wasan ya ba ta sabuwa. Falo ya kaure da dariya, Kawu har da riƙe ciki.

Na kunna saitin da ke ɗauko lokaci da kansa, na sabunta shafin. Sai ga dandamali, ga ɗalibai cikin fararen kaya. Ba a jima ba aka kira Auta. Maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa, Umma ta miƙe tana ɗaga wa allo hannu, hawaye shaɓe-shaɓe.

Da aka watse na tsokane ta, na ce yanzu wasan zai sa ta jira har baɗi.

"Ya jira shi ma," ta ce tana goge allon da gefen mayafi. "Tun da yarinyar nan ta tafi gidan ya yi mini shiru. In na tura kwanakin, sai in ji kamar dawowarta ce ta matso. Jibi tana hanya, me zan yi da alewa?"