Fuska Mai Ɗigo Arba'in da Takwas

Waya, katin ƙungiyar manoma, da leda ɗauke da tsiron tumatir uku da shanu suka tattake. Abin da Sammani ya ɗauko ke nan, ya bi bakin babban kanal na noman rani a kan babur, daga Kadawa ya nufi Kura.

A wayar akwai hoto. Maƙwabcinsa Jaji ne ya ɗauka daga tsallaken ruwa, ya turo masa: shanu cikin gonar Sammani, da wani mutum riƙe da sanda. Jaji ya ce Gidaɗo ne, makiyayin da shekara tara Sammani ke bar wa karan dawa, shi kuma shanunsa su bar masa taki. Gobe za a zauna gaban dagaci. Sammani yana so ya ajiye fuskar a gaban kowa.

Khaulat, 'yar ƙanwarsa, ke da shagon wanke hotuna a Kura.

"Ki buɗa min shi ya kai girman tabarma."

"Kawu, ko ya kai girman gonarka, ba za ka gan shi ba. Matso."

Ta sa hoton a kwamfuta, ta ja shi ya ƙara girma. Kan mutumin ya kumbura, ya zama dusu-dusu kamar kunu. Ta taɓa wani wuri, sai ƙananan murabba'ai suka fito.

"Hoto ɗigo-ɗigo ne, kowane da launi ɗaya. Yawansu shi ake kira rezolushan. Fuskar nan shida ta samu a kwance, takwas a tsaye."

"To ki ƙara mata."

"In ka cire dashe ɗari daga bedin rainon iri ka baza a eka guda, sun zama dubu?"

"Tazara dai za su yi."

"To kwamfuta tazarar take cikewa. Ta dubi ɗigon dama da na hagu, ta shafa launin da ke tsakaninsu. Shi ne dusashewar. Kuma WhatsApp ya rage hoton a hanya. Ina na asali?"

Sammani ya kira Jaji. Jaji ya ce ya goge, wai wayarsa ta cika.

"An ce akwai manhajar da ke fito da fuska tas."

"Akwai. Zana ta za ta yi da ka, daga fuskokin wasu. Za ta ba ka hanci da ido, amma ba na mai sandan nan ba. In ka matsa mata ma, kai za ta iya fitarwa."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon murabba'an. Ɗazu a hanya ya rantse har gemun Gidaɗo ya gani. Yanzu ya nemi gemun, ya tarar da ɗigo biyu masu duhu. Tun da Jaji ya ambaci sunan, shi ne ya riƙa cike tazarar da kansa.

Ya ɗauki ledarsa ya fito, ya jawo ƙofar shagon ta rufu. Wayarsa ta yi ƙara, Jaji ne.

"Ɓarnar zan kai wa dagaci," in ji Sammani. "Suna kuwa ba zan kama ba."